Tambayoyi da Amsoshi Kan Rubuta wa Malami Imel Don Ya Raba Gardama Tsakanin Batutuwan Bincike Biyu

A farkon shekarar ƙarshe ta karatun digiri, da zarar sashe ya kafe sunayen ɗalibai da na malaman da za su duba musu kundin kammala karatu, wanda aka fi sani da furojet, sai ka ga ɗalibi riƙe da batu biyu ya rasa wanne zai ɗauka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na ga suna ta maimaituwa a bakin ɗalibai a shekarun da na yi ina duba irin wannan aiki. Na ɗauki misali ɗaya daga fannin tattalin arzikin noma na bi shi daga farko har ƙarshe, domin magana a kan abin da ake gani ta fi zama a zuciya. Ɗalibin wani fanni zai iya sauya sunayen abubuwan, ma'aunin dai bai canza ba.

1. Ya dace in kai wa malami batu biyu, ko zai ɗauka ban san abin da nake so ba ne?

Ya dace ƙwarai, kuma sassa da yawa a jami'o'inmu su da kansu suke cewa ɗalibi ya kawo batu biyu ko uku a zaɓar masa ɗaya. Abin da ke sa malami ya ji ɗalibi bai shirya ba shi ne ya turo layi biyu kawai, taken farko da take na biyu, sannan ya rubuta a ƙasa cewa Malam ya zaɓa masa wanda ya fi kyau. Take shi kaɗai ba ya nuna kyau ko muni. Batun da zai yi wa ɗalibin da ke zaune a Kano sauƙi yana iya gagarar wanda zai koma Yola da zarar an yi hutu, kuma malami ba shi da hanyar sanin wannan idan ba a faɗa masa ba.

Saboda haka abin da ake so imel ɗin ya yi shi ne ya ajiye wa malami kayan hukunci a gabansa: tambayar da kowane batu yake son amsawa, inda za a samo bayanai, lokacin da aikin zai ci, da abin da kake tsoro a kowanne. An yi bayanin waɗannan a amsa ta 4.

2. Me ya sa sai imel, alhali ina da lambar malamin kuma na san ofishinsa?

Na farko, imel yana tilasta maka ka tsara tunaninka kafin ka yi magana. Ɗalibai da yawa suna shiga ofis da batu biyu a ka, malami ya yi tambaya ɗaya, su daburce, su fito da batu na uku wanda ba su taɓa tunani a kai ba. Na biyu, imel yana zama shaida mai kwanan wata. Idan bayan wata huɗu aka tashi cewa wani ɗalibi ne ya riga ka ɗaukar batun, ko malamin ya manta cewa ya amince, saƙon da ke akwatinka shi zai raba gardama cikin mutunci, ba tare da kai da malaminka kun yi musu ba.

Wannan ba ya hana zuwa ofis. Akwai malaman da ba sa buɗe imel sai jefi-jefi, kuma akwai waɗanda suka fi son WhatsApp, su da kansu za su faɗa a haɗuwar farko. Idan malaminka irin waɗannan ne, ka rubuta saƙon da tsarin da aka nuna a amsa ta 10, ka tura ta hanyar da ya zaɓa, ko ka buga shi a takarda ɗaya ka kai masa hannu da hannu. Abin da ba a so shi ne saƙon murya mai tsawo, domin ba a iya komawa a duba shi layi-layi.

3. Wa zan aika wa, malamin da zai duba ni ko kodinetan furojet na sashe?

Ya danganta da tsarin sashenku, kuma wannan abu ne da za ka tambaya kafin ka rubuta komai. A wasu sassa ana fara raba ɗalibai ga malamai, sannan kowa ya daidaita batu da malaminsa, a ƙarshe a kai wa kodineta ya shigar. A wasu kuwa ɗalibi yana miƙa batutuwansa ga kodineta ko wani kwamiti, a amince da ɗaya, sannan a haɗa shi da malamin da fannin ya dace da shi. Idan tsarin farko ne, malaminka kaɗai za ka aika wa. Kada ka sa shugaban sashe ko wani malami a gurbin Cc a saƙon neman shawara, domin hakan yana iya zama kamar kai ƙara tun ba a yi komai ba.

4. Da me malami yake auna batu idan zai zaɓi ɗaya daga cikin biyu?

Abin da ya fi komai nauyi shi ne bayanai: shin za a same su, a wurin wa, kuma a wane lokaci. Ɗalibi yakan duba batu ta fuskar burgewa, ko sabo ne, ko zai yi daɗin faɗa ranar kare kundi. Malamin da ya ga ɗalibai da yawa sun maƙale yana tsallake babi na ɗaya da na biyu a zuciyarsa, ya tafi kai tsaye babi na uku da na huɗu, wato hanyar gudanar da bincike da sakamakonsa, ya tambayi kansa ko wannan yaro zai iya cika teburan babi na huɗu da alƙaluman da shi da kansa ya tattaro. Gabatarwa da bitar ayyukan magabata ana iya rubuta su a ɗakin karatu a kan kusan kowane batu. Babi na huɗu ne ba ya rubutuwa idan kamfanin da ka dogara da shi ya ƙi ba ka takardunsa, ko na'urar da ake bukata a ɗakin gwaji ta lalace, ko amfanin gonar da kake son aunawa ba lokacinsa ba ne.

Na biyu shi ne lokaci, kuma lokacin ya fi gajarta fiye da yadda ɗalibi yake zato. A takarda kana da zango biyu, amma kana ɗaukar sauran darussa, akwai gwaje-gwaje da jarrabawa, kuma malami yana bukatar makonni ya karanta kowane babi ya dawo da shi da gyara. Idan aka cire duk wannan, abin da ya rage na fita fili sau da yawa bai wuce mako huɗu zuwa shida ba. Kalandar jami'a kuma tana iya gocewa. Waɗanda suka yi shekarar ƙarshe a 2022 sun ga yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda batunsa ya rataya a kan wani yanayi na shekara ya dawo ya tarar yanayin ya wuce.

Bayan waɗannan sai kuɗin da aikin zai ci, da ko ɗalibin ya iya hanyar nazarin da batun yake bukata, da ko malamin kansa ya san fannin sosai har zai iya gyara kuskure, da kuma ko an riga an yi batun a sashen a 'yan shekarun nan. Faɗin batu ma ana dubawa. Take irin "matsalolin noma a Arewacin Najeriya" ba na kundin digirin farko ba ne, sai an rage shi zuwa amfani ɗaya, wuri ɗaya, da tambaya ɗaya.

5. Me ya kamata in yi kafin in zauna rubuta imel ɗin?

Ka ware mako ɗaya ka taɓa kowane batu da hannu. Ka je ɗakin ajiyar kundaye na sashe ka duba taken ayyukan shekara biyar da suka wuce, domin ka san ko an yi irin naka, kuma idan an yi, a wace ƙaramar hukuma aka yi shi. Ka nemi maƙalu uku ko huɗu a kan kowane batu a Google Scholar, ka karanta sashen hanyar bincikensu ko da ba ka karanta sauran ba, ka ga yadda suka auna abin da kake son aunawa.

Sannan, kuma wannan ne ɗalibai suka fi tsallakewa, ka je wurin da bayanan suke ko ka kira wanda yake riƙe da su. Idan 'yan kasuwa za ka yi wa tambayoyi, ka nemi shugaban ƙungiyarsu ka ji ko za su saurare ka, kuma wace takarda suke so daga makaranta. Idan gwaji za ka yi, ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji ko na'urar tana aiki kuma wa zai sayi sinadaran. Jumla ɗaya a imel da ke cewa "na je na gani" ta fi sakin layi uku na bayanin muhimmancin batu amfani ga malami.

6. Za a iya nuna yadda ake kwatanta batu biyu da misali na zahiri?

A ce ɗaliba ce a sashen tattalin arzikin noma a wata jami'a a Kano. Batunta na farko shi ne auna asarar tumatur bayan girbi tsakanin gona da kasuwa a yankin noman rani na Kadawa, inda ake ban ruwa da ruwan madatsar Tiga a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma ake hada-hadar tumatur a kasuwar Kwanar Gafan. Batu na biyu shi ne kwatanta kuɗin da 'yan kasuwar wake a Dawanau suke kashewa wajen ajiya, tsakanin masu amfani da buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga har ƙwaron wake ya mutu, da masu zuba magani a buhu na yau da kullum. Duka biyun batutuwa ne masu ma'ana, kuma zuciyarta ta fi karkata ga na farko domin iyayenta manoman tumatur ne.

Da ta zauna da kalanda, sai hoton ya sauya. Tumatur na rani yana cika kasuwa ne daga wajen Janairu zuwa Maris ko Afrilu, kuma auna asara yana bukatar ta tsaya a kan kwando: ta auna nauyinsa a gona, ta bi shi kasuwa, a ware wanda ya fashe ko ya ruɓe, a sake aunawa. Idan jadawalin sashensu ya sa fita fili ta faɗo a Yuli ko Agusta, za ta isa Kadawa ta tarar da shinkafa da masara a gonakin, kasuwar tumatur kuma ta watse. Abin da zai rage mata shi ne ta tambayi manoma su tuna kwando nawa suka yi asara wata biyar da suka wuce, kuma amsar da aka bayar daga tuni kiyasi ce, ba awo ba ce, wanda duk mai jarrabawa zai kama ta a kai ranar kare kundi. Dawanau kuwa tana ci duk shekara, tana bakin gari a kan hanyar Katsina, ana zuwa a dawo a yini ɗaya, kuma abin da take tambaya, wato kuɗin buhu, kuɗin magani, hayar sito da watannin ajiya, abubuwa ne da ɗan kasuwa ya sani a kowane lokaci.

Batu na biyu ma yana da nasa raunin, kuma dole ta faɗe shi. Ɗan kasuwa ba ya son buɗe cikinsa a kan riba ga baƙuwa mai riƙe da takarda, wani yana zargin ko daga ofishin haraji take, kuma maganar zuba magani a wake magana ce da mutane suke kaffa-kaffa da ita. Sai ta sami wanda zai gabatar da ita ta hannun shugabannin layin wake, ta kuma tsara tambayoyinta a kan kuɗin ajiya kaɗai, ta bar maganar riba. Da wannan kwatancin a hannu, malami zai iya yanke hukunci cikin minti biyar: idan fita fili ta dace da rani, na farko; idan ta faɗo damina, na biyu.

7. Sai na faɗi yawan mutanen da zan yi wa tambayoyi tun a wannan matakin?

Ba sai ka kawo adadi na ƙarshe ba, amma kiyasi yana taimakawa sosai, domin shi ne yake nuna girman aikin. Ɗalibai da yawa a nan suna amfani da ƙa'idar Yamane ta 1967:

```
n = N / (1 + N * e^2)
```

A nan n shi ne yawan mutanen da za a yi wa tambayoyi, N shi ne yawan mutanen da ake bincike a kansu gaba ɗaya, e kuma shi ne kuskuren da aka yarda da shi. A ce, don misali kawai, rajistar ƙungiya ta nuna 'yan kasuwa 600. Idan e ya zama 0.05, za a bukaci mutum 240. Idan aka sassauta zuwa 0.1, sai adadin ya sauko zuwa 86. Ɗalibar da ke iya cike takardar tambayoyi goma a yini, domin yawancin 'yan kasuwa sai an karanta musu an fassara a tsakanin ciniki, za ta bukaci kwana 24 a kasuwa a lissafin farko, kwana 9 a na biyu. Ka ninka kwanakin da kuɗin mota, ka ƙara na buga takardu, ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Wane e za a yarda da shi kuwa hukuncin malami ne da al'adar sashe, saboda haka tambaya ce mai kyau da za ka haɗa a imel ɗin.

8. In faɗi wanda na fi so, ko in yi shiru kada ya zama na yi wa malami katsalandan?

Ka faɗa, tare da dalili. Kunya tana sa ɗalibanmu su ɓoye ra'ayinsu, suna ganin ladabi ne a bar wa babba komai, amma a wannan wuri shirun yana cutar da kai. Kai ne za ka zauna da batun wata shida ko fiye, kuma malami ya san ɗalibin da ke son aikinsa ya fi jure wahalar fili. Idan batutuwan biyu sun yi kunnen doki a wajensa, abin da ka fi so shi ne zai karya kunnen dokin.

Ladabin yana cikin yadda aka faɗa. "Na fi karkata ga na farko saboda na san yankin, amma ina tsoron lokacin girbi zai wuce kafin mu fita fili" magana ce ta ɗalibin da ya yi tunani kuma ya bar ƙofa a buɗe. Abin da za ka guje wa shi ne ka kawo batu na biyu na bogi, wanda ka san ba shi da ƙarfi, don kawai a tura ka ga na farko. Na taɓa ganin ɗalibin da ya yi haka, malamin ya zaɓi na bogin saboda ya fi kusa da fanninsa, yaron ya kwashe shekarar yana jan aikin da bai taɓa niyyar yi ba. Kada ka rubuta batun da ba ka shirya ɗauka ba.

9. Yaya tsarin saƙon zai kasance, kuma wane tsawo ya dace?

A gurbin taken saƙo ka sa abin da kake nema, da sunanka, da lambar rajistarka, domin malami ɗaya yana iya duba ɗalibai goma ko fiye a shekara, kuma da wannan layin zai nemo saƙonka daga baya. Ka yi amfani da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, wanda makaranta ta ba ka idan akwai. Gaisuwa ta zama layi ɗaya ko biyu da laƙabin da ya dace, Malam ko Malama, Dakta ko Farfesa, kuma ka tabbatar da laƙabin kafin ka rubuta, domin a kira Farfesa da laƙabin Dakta kuskure ne da ake lura da shi.

Bayan gaisuwa sai jumla ɗaya ta gabatar da kai da bukatarka, sannan sakin layi ɗaya ga kowane batu. Ka bi jeri iri ɗaya a duka biyun, tambayar bincike, wurin bayanai, hanyar nazari, lokaci, da rauni, domin idon malami ya iya kwatanta su kafaɗa da kafaɗa. Sai ra'ayinka, sai tambaya ɗaya takamaimai, sai ranar da sashe ya sa a miƙa take. Duka saƙon kada ya wuce kalma 250 zuwa 300. Yawancin malamai a waya suke karanta imel, tsakanin aji da taro, kuma saƙon da ya yi tsawo ana ajiye shi ne zuwa anjima.

10. Ina son in ga cikakken saƙo a rubuce.

Ga yadda ɗalibar da aka yi maganarta a amsa ta 6 za ta iya rubutawa. Taken saƙon: Neman shawara kan zaɓin batun furojet, sai sunanta da lambar rajistarta.

> Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, da fatan an wuni lafiya.
>
> Ina cikin ɗaliban ajin ƙarshe da aka ba Malam ya duba musu furojet a bana. Ina da batu biyu, ina roƙon Malam ya duba ya ga wanda ya fi dacewa.
>
> Na farko: asarar tumatur bayan girbi tsakanin gona da kasuwa a yankin Kadawa. Ina so in gano kashi nawa na kwando yake lalacewa kafin a sayar. Zan auna kwanduna a gona da kuma a Kwanar Gafan, in yi wa manoma da dillalai tambayoyi. Na san yankin kuma ina da masauki a Kura. Matsalar ita ce girbi yana ƙarewa wajen Afrilu, jadawalinmu kuma ya sa fita fili a Yuli.
>
> Na biyu: kwatanta kuɗin ajiyar wake tsakanin masu amfani da buhun PICS da masu zuba magani a kasuwar Dawanau. Ina so in gano wace hanya ta fi araha a kan kowane buhu cikin wata shida. Zan yi amfani da takardar tambayoyi, in yi nazari da Excel ko SPSS. Na je kasuwar makon jiya, shugabannin layin wake sun ce za su taimaka idan na kawo takarda daga sashe. Matsalar ita ce wasu 'yan kasuwa ba sa son faɗin alƙalumansu.
>
> Na fi karkata ga na farko, amma ina ganin lokaci ya fi ba na biyu dama. Shin Malam yana ganin za a amince in fara tattara bayanan tumatur tun a wannan zangon, kafin girbi ya wuce? Idan ba zai yiwu ba, zan ɗauki na biyu. Sashe ya ce a miƙa take ranar Juma'a ta mako mai zuwa, kuma zan iya zuwa ofis duk lokacin da Malam ya ga ya dace.
>
> Na gode, Allah ya saka da alheri.

A ƙasa sai cikakken suna, lambar rajista, aji da lambar waya. Abin lura a saƙon shi ne tambayar da ta yi a ƙarshe. Ta gano cewa duk hukuncin ya rataya a kan abu ɗaya, wato ko za a bar ta ta fara fita fili da wuri, kuma wannan abu ne da malami kaɗai zai iya amsawa, da e ko a'a.

11. Da wane harshe zan rubuta?

A yawancin sassan jami'o'in Najeriya da Turanci ake irin wannan wasiƙa, a Nijar kuma da Faransanci, kuma taken batun dole ya zo da harshen da za a rubuta kundin, kalma da kalma yadda kake so ya fito a bango. Ɗaliban sashen Hausa ko na Larabci suna rubutawa da harshen karatunsu. Idan kai da malaminka kun saba magana da Hausa, babu laifi sallama da gaisuwa su zo da Hausa sannan sauran ya bi da harshen aiki. Ka guji gajarce kalmomi irin na hira a waya, kuma ka karanta saƙon da ƙarfi sau ɗaya kafin ka tura, domin kunne yana kama kuskuren da ido ya tsallake.

12. In haɗa wata takarda da saƙon?

Idan kana da ƙarin bayani, kamar manufofin bincike uku na kowane batu da maƙalun da ka karanta, ka sa su a shafi ɗaya ko biyu a PDF, ka raɗa wa fayil ɗin sunanka da lambarka. Amma jikin imel ɗin ya wadatar shi kaɗai, ta yadda ko malami bai buɗe fayil ba zai iya amsawa. Kada ka rubuta babi na ɗaya na kowane batu ka tura kafin a amince da ɗaya. Rabin aikin zai tafi a banza, kuma ƙaunar abin da ka riga ka rubuta za ta hana ka jin shawara.

13. Na tura, mako ya wuce babu amsa. Me zan yi?

Ka ba shi kwanakin aiki biyar zuwa bakwai, sai dai idan ranar miƙa take ta matso. Bayan haka ka shiga saƙon farko ka danna Reply, domin tunatarwar ta hau kan tsohon saƙon, ka rubuta layi biyu: kana tunatar da Malam saƙon da ka turo ranar kaza, kuma ranar miƙawa ita ce kaza. Kada ka tambaye shi dalilin shirun. Sau da yawa dalilin bai shafe ka ba, lokacin makin jarrabawa ne, ko tafiya, ko saƙon ya faɗa cikin Spam.

Idan tunatarwa ɗaya ba ta yi ba, ka buga saƙon a takarda ka je ofis a lokacin da yake ganin ɗalibai. Sakataren sashe ko wakilin ajinku yakan san ranakun da yake shigowa. Sai idan duk wannan ya gagara, kuma ranar ta zo gab, za ka je wurin kodineta, da niyyar neman ƙarin lokaci ko shawara, kana nuna masa kwanakin da ka tura saƙonnin. A nan ne amfanin shaidar da aka ambata a amsa ta 2 yake bayyana.

14. Idan ya zaɓi wanda ba na so, ko ya ƙi duka biyun fa?

Ka fara neman dalili, cikin ladabi, domin dalilin shi ne zai nuna maka ko akwai gyara. Idan ya ƙi batun tumatur saboda lokaci, kana iya tambaya ko za a rage shi zuwa abin da ba ya bukatar girbi, misali nazarin yadda farashin tumatur yake hawa da sauka a cikin shekara, ta amfani da alƙaluman farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitarwa wata-wata. Idan kuwa dalilin shi ne an yi batun bara, ko ba fanninsa ba ne, to ja-in-ja ba za ta amfane ka ba, domin shi ne zai sa hannu a kundin kuma shi zai tsaya maka gaban masu jarrabawa. Kana da damar sake gabatar da hujjarka sau ɗaya idan kana da sabon bayani da bai sani ba. Idan ya tsaya a kan ra'ayinsa bayan haka, ka karɓa ka fara aiki.

Wani lokaci malami yakan ce a haɗa batutuwan biyu, ko ya ba ka na uku daga binciken da shi yake yi. Haɗawa tana bukatar hattara, domin tumatur a Kadawa da wake a Dawanau ba sa zama kundi ɗaya, kuma abin da zai fito shi ne fili biyu a lokacin da bai ishi ɗaya ba. Batu na uku daga wurinsa kuwa yakan zo da sauƙi, tunda yana da masaniya da mutanen fili, amma ka yi masa tambayoyin amsa ta 4 kamar yadda ka yi wa naka: ina bayanan suke, wa zai biya kuɗin fita, kuma a wane wata za a fara.

15. Ya amince da ɗaya. Me ya rage?

Ka amsa a ranar, ka yi godiya, ka sake rubuta taken a cikin amsar daidai yadda kuka tsaya a kai, tare da wurin bincike da duk wani sharaɗi da ya gindaya, kamar yawan mutanen da aka yi magana a amsa ta 7. Idan a ofis ya amince da baki, ka tura masa gajeren imel da yamma mai cewa ga abin da ka fahimta daga zaman, domin idan akwai saɓanin fahimta a gyara tun ba a yi nisa ba. Sannan ka cike fom ɗin sashe idan akwai, ka kai wa kodineta, ka tabbatar da idonka cewa an shigar da taken a gaban sunanka.

A cikin wannan amsar ka nemi abu biyu: takardar gabatarwa daga sashe wadda za ka kai wa shugabannin kasuwa ko duk hukumar da ke riƙe da bayananka, da ranar da yake son ganin babi na ɗaya. Takardar gabatarwa takan ɗauki kwanaki kafin shugaban sashe ya sa hannu, saboda haka ka nema tun a makon da aka amince da batun, kada ka bari sai ranar da za ka fita fili.